Dalilin da ya sa rauta da akwatin kallo ke ƙin haɗuwa bayan an ɗauke wuta, da tsarin kunna su

A gidaje da gidajen kallon ƙwallo na Talata Mafara, Bakura da Maradun, kamar sauran sassan Jihar Zamfara da kamfanin Kaduna Electric ke raba wa wuta, an saba da sauyawa tsakanin wutar NEPA, janareto da sola sau da dama a yini guda. Wannan sauyi yana zuwa da wata matsala ga masu kallo ta intanet: wuta ta dawo, talabijin ta kama, fitilun rauta suna ci, amma akwatin kallo ya kafe yana cewa babu intanet. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan sabis ko a ɗauka na'urar ta ƙone, alhali abin da ya faru bai wuce cewa akwatin ya riga rautar farkawa ba.

Rauta ita ce na'urar da ke karɓo intanet, ta layin waya irin na MTN, Airtel ko Glo, ko ta tauraron ɗan Adam kamar Starlink wanda ya fara aiki a Nijeriya a shekarar 2023, sannan ta raba shi ga na'urorin gida ta waifai ko ta kebul. Akwatin kallo kuwa shi ne ƙaramar na'urar da ake jonawa da talabijin don kallon YouTube, Netflix da makamantansu, kamar akwatunan Android TV da Fire TV Stick.

Abin da ke faruwa idan wuta ta dawo

Rauta ba ta tashi lokaci guda. Tana fara loda manhajarta, sannan ta kunna waifai, sannan ta nemi turken sadarwa mafi kusa ta yi rajistar layin da ke cikinta, daga nan ne intanet ke shigowa. Rauta mai layin waya takan ɗauki minti ɗaya zuwa uku kafin ta kammala, kuma tana iya wuce haka inda sabis ke da rauni. Starlink yakan fi daɗewa, domin sai farantinsa ya nemo taurari. Akwatin kallo kuwa yakan tashi cikin ƙasa da minti guda. Idan duka biyun suna kan soket ɗaya, akwatin ne zai riga, kuma zai tarar da ɗaya daga cikin matsaloli uku.

Ta farko, ya nemi waifai bai same shi ba. Akasarin akwatuna suna sake nema, sai dai tazarar da ke tsakanin nema da nema takan ƙaru, wasu masu araha kuma sukan haƙura gaba ɗaya har sai an taɓa su.

Ta biyu, ya sami waifai amma bai sami adireshi ba. Kowace na'ura da ta shiga rauta sai an ba ta lambar da za a gane ta da ita, wato adireshin IP, kuma sashen rautar da ke rabon wannan lamba shi ake kira DHCP. Idan akwatin ya nemi lamba kafin wannan sashe ya shirya, sai ya tsaya a kan "Obtaining IP address". Hakan na iya faruwa ko da an haɗa su da kebul, domin fitilar kebul takan kama tun kafin rauta ta fara rabon adireshi.

Ta uku ita ce wadda ta fi ruɗa mutane, wato agogo. Yawancin akwatunan kallo ba su da batirin da ke riƙe musu lokaci idan wuta ta ɗauke. Duk lokacin da suka tashi, daga intanet suke karɓar kwanan wata da lokaci. Idan akwatin ya tashi babu intanet, sai agogonsa ya koma wata tsohuwar shekara, wani lokaci har 1970. Manhajojin kallo suna duba takardar shaidar tsaro ta shafin da suke shiga, kuma kowace shaida tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. Ga akwatin da yake ganin ana cikin 1970, duk shaidar da aka ba shi lokacinta bai zo ba, don haka sai ya ƙi ta. Shi ya sa wayar hannu za ta riƙa aiki lafiya a kan waifai ɗin, akwatin kuwa yana nuna "Connected, no internet".

Tsarin kunnawa

Ƙa'idar guda ce: a bi hanyar da intanet ke bi, daga inda yake shigowa zuwa inda ake kallonsa, kuma kada a kunna na gaba sai na baya ya gama tashi.

Mataki na farko yana zuwa ne tun lokacin da aka ɗauke wuta. A kashe soket ɗin rauta da na akwatin kallo nan take. Wutar da ta dawo takan yi ƙyaftawa ko ta zo da ƙarfin da ya wuce kima a daƙiƙun farko, haka ma janareton da aka tayar yanzu bai daidaita ba. Ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya ko biyu, irin wadda ake samu wajen sauyawa daga NEPA zuwa janareto, tana iya barin rauta a sandare: fitilu suna ci amma ba ta aiki.

Na biyu, idan wuta ta dawo ko janareto ya tashi, a jira kamar minti guda ta zauna. Idan akwai firji ko injin jan ruwa a kan layin, a bari su fara tashi, domin su ne ke jan wuta da yawa a lokacin tashinsu.

Na uku, a kunna tushen intanet. Idan akwai na'urori biyu, wato wadda ke karɓo intanet daban da wadda ke raba waifai, a fara da mai karɓowa, a jira ta daidaita, sannan a kunna ta biyun. Idan rauta ɗaya ce mai layi a ciki, ita kaɗai za a kunna.

Na huɗu, a tabbatar da intanet ya iso. Fitilar wuta ko ta waifai ba ita ce shaida ba. Wadda ake dubawa ita ce ta sabis, mai alamar 4G ko sandunan sigina, idan ta daina ƙyaftawa ta tsaya. Hanya mafi tabbaci ita ce a kashe datar wayar hannu, a shiga waifai ɗin da ita, a buɗe wani shafi.

Na biyar, a kunna talabijin, sannan akwatin kallo a ƙarshe. Kunna talabijin kafin akwatin yana ba shi damar gane allon da aka jona shi da shi ta HDMI, ya zaɓi girman hoton da ya dace.

Misali daga gidan kallo

A ɗauka wani gidan kallo ne a Talata Mafara, wasa zai fara ƙarfe 9:00 na dare, wuta ta ɗauke 8:48. Mai gidan ya tayar da janareto 8:50, komai ya kama tare saboda duk a kan soket guda suke. Akwatin ya tashi cikin daƙiƙa 40, rauta ta fitar da waifai bayan minti guda, intanet bai shigo ba sai 8:53. Akwatin ya shiga waifai a tsakanin nan, ya nemi lokaci bai samu ba, ya zauna da tsohon kwanan wata. Ƙarfe 8:56 manhajar kallo tana ta juyawa, mutane sun biya kuɗin shiga sun zauna.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne kashe komai a sake kunnawa tare, wanda ke maimaita matsalar daga farko. Abin da ya dace shi ne ya gwada waifai da wayarsa. Idan shafi ya buɗe, rauta lafiyarta ƙalau, kada ya taɓa ta. Sai ya zare wutar akwatin kaɗai daga soket, ya ƙirga talatin, ya mayar. Kashewa da rimot ba ta wadatar ba, domin barci kawai take sa akwatin. Da ya tashi zai tarar da intanet a shirye, ya gyara agogonsa, kallo ya kankama kafin a take wasa.

Yadda ake gane inda matsalar take

Idan sunan waifai bai bayyana a kowace na'ura ba bayan minti uku, a zare rautar daga wuta na daƙiƙa talatin a mayar. Idan tana ta kashe kanta tana kunnawa, a zargi raunin wuta ko adaftarta, wadda ita ce ta fi saurin lalacewa idan wuta ta yi tsalle. Adaftar da za a canza dole ƙarfinta ya yi daidai da abin da aka rubuta a jikin rautar. Da yawa 12V ne, akwatunan kallo kuwa yawanci 5V, kuma musanya su na iya ƙona akwatin.

Idan waya tana samun intanet amma akwatin ba ya samu ko bayan an sake kunna shi, a duba agogonsa a `Settings`, ƙarƙashin `Date & time`. A tabbatar yana kan karɓar lokaci da kansa, yankin lokaci kuma `GMT+01:00`. Idan kwanan watan bai gyaru ba, a saka shi da hannu. Idan har yanzu ya ƙi, a zaɓi `Forget network`, a sake shigar da kalmar sirri.

Idan kuwa dukkan na'urori sun shiga waifai amma babu mai samun intanet, matsalar ta wuce cikin gida. A shiga shafin rautar ta adireshin da ke rubuce a ƙasanta, kamar `192.168.0.1` ko `192.168.8.1`, a ga ko data ta ƙare, ko layin yana neman lambar PIN, ko babu sigina. Turken sadarwa shi ma da lantarki yake aiki, kuma idan batirinsa ko man janaretonsa ya ƙare, babu tsarin kunnawar da zai kawo intanet. Alamar hakan ita ce wayoyin da ke kan kamfani ɗaya da rautar su ma sun rasa sabis.

Abin da ba a yi shi ne danna ɗan ramin da aka rubuta wa `Reset`. Wannan ba sake kunnawa ba ne. Yana goge sunan waifai da kalmar sirrin da aka saka, ya mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani, sai an sake haɗa kowace na'ura.

Magani mai ɗorewa

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba musu makunni, rauta da nata, akwatin da nasa. Wadda ta fi ita ce a hana rauta mutuwa tun farko, ta hanyar ɗora ta a kan inbata ko ƙaramin batirin ajiya da ake sayarwa don rauta. Lissafinsa ba shi da wuya: batirin da aka rubuta wa 10,000mAh a kan 3.7V yana ɗauke da 37Wh, don haka rautar da ke cin wat 8 za ta yi kusan awa huɗu a kansa bayan an cire asarar da ake yi wajen juya wutar. Starlink yana cin wuta ninkin-ba-ninkin haka, sai dai inbata. Muddin rauta na raye a lokacin da ake sauya layi, duk sa'ad da akwatin ya tashi zai tarar da waifai, adireshi da lokaci suna jiransa.