Haruffan dalma: yadda maɗaba'a ta sauya saurin yaɗuwar ilimi, daga Mayins zuwa ƙasar Hausa

Wanda ya taɓa zama kusa da malamin da ke rubuta littafi da hannu a Tsibiri, ko Gazawa, ko Agye, ya san abin da aikin yake ci. Sai an fere alƙalami, a dama tawada, a ja layi, sannan a bi asalin littafin kalma bayan kalma. Takardar ma a da daga nesa take zuwa: ayari ne ke ƙetaro Sahara da ita, kuma da yawa daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen Katsina da Gobir da Sakkwato suna kan takardar Italiya mai tambarin wata uku. In malami ya gama kwafi ɗaya, na biyu zai ci masa kwanaki daidai da na farko. Wannan shi ne abin da maɗaba'a mai haruffan da ake jerawa a kuma warware ta zo ta karya.

Mene ne sabon abin

Buga rubutu ya girmi Turai. A Sin an daɗe ana sassaƙa shafi sukutum a jikin katako, a shafa tawada a danna takarda. Amma katakon shafi ɗaya ba ya amfani ga wani shafin. Wajen shekarar 1040 wani mai suna Bi Sheng ya ƙera haruffa ɗai-ɗai da yumɓu gasasshe, a Koriya kuma an buga littafi da haruffan ƙarfe a 1377. Sai dai rubutun Sin yana da alamomi dubbai, don haka dabarar ba ta rage wahala sosai ba.

Wajen 1450, a birnin Mayins na Jamus, Yohanes Gutenbag, wanda ya san aikin maƙeran zinariya, ya haɗa abubuwan da suka sa dabarar ta ci. Ana sassaƙa harafi a bakin sandar ƙarfe mai tauri, a buga ta cikin tagulla ta bar gurbi. Gurbin nan ake sawa a ƙasan ɗan mazubi, a zuba narkakkiyar dalma da aka gauraya da kuza da wani ƙarfe mai suna antimoni. Nan take ta daskare, harafi ya fito, a sake zubawa. Daga gurbi ɗaya ana samun ɗaruruwan «a» masu tsawo ɗaya, kuma daidaiton tsawon nan shi ne asirin aikin, domin harafin da ya gaza ƴan uwansa ba zai taɓa takarda ba, wanda ya zarce kuwa zai huda ta. Tawadar marubuta mai ruwa ba ta kama ƙarfe, sai ya yi ta mai da baƙin hayaƙi. Matsewa kuma ya aro ta daga injin katako da ake matse inabi.

Littafinsa mafi shahara, Baibul na Latin mai layi 42 a shafi, ya kammala wajen 1455: shafi sama da 1,200, kwafi kusan 180.

Lissafin kwanaki

Bari mu ɗauki misali don a ga inda ribar take. A ce littafi mai shafi 100 ne, marubuci kuma yana gama shafi biyar a yini. Kwafi ɗaya zai ci kwana 20. In ana son kwafi 500, kwana 10,000 ke nan, fiye da shekara 27 ga mutum ɗaya.

A maɗaba'a, mai jera haruffa yana tsinto su ɗaya-ɗaya daga akwati mai gida-gida, yana jera su a juye kamar a madubi. A ce shafi yana cin masa awa biyu, har da gyara. Shafi 100 awa 200 ne, wato kwana 20 in yana aikin awa goma. Har nan bai fi marubuci da komai ba, kuma babu kwafi ko ɗaya a hannu. Amma da an ɗaure shafi huɗu cikin firam ɗaya, mutum biyu, ɗaya na shafa tawada ɗaya na jan inji, suna iya danna takarda kamar 200 a awa. Firam 25, kowane sau 500, ya ba da dannawa 12,500, abin da bai kai awa 65 ba. Cikin wata guda an gama abin da zai ci rabin rayuwar marubuci. Daga nan a wanke haruffan, a mayar da kowane gidansa, gobe su shiga wani littafin.

Lissafin yana nuna iyakar dabarar ma. Mai son kwafi biyu ko uku gara ya je wurin marubuci. Maɗaba'a tana biyan kanta ne kawai in akwai masu saye da yawa.

A Turai an same su. Sana'ar ta isa Italiya a 1465, Banis a 1469, Paris a 1470, Ingila a 1476. Kafin 1500 akwai maɗaba'u a garuruwa fiye da 200, kuma littattafan da aka buga sun kai miliyoyi. Lokacin da Martin Luta ya fito da ƙorafinsa kan cocin Roma a 1517, cikin ƴan watanni rubutun ya zagaye ƙasashen Jamus. Wani sauyin da ba a cika ambata ba shi ne daidaito: malami a Paris da malami a Banis suna iya cewa «duba shafi na 40», su ga abu ɗaya. Kuskure ma haka yake tafiya. Marubuta goma kowa da nasa kuskuren, amma «n» da aka kifa ta zama «u» a maɗaba'a tana nan a wuri guda cikin kwafi 500, shi ya sa aka fara liƙa takardar gyara a ƙarshen littafi.

Me ya sa ajami ya jima

Lokacin da ake wannan a Turai, Katsina da Kano suna da malamai da littattafai, kuma sun ci gaba da rubutu da hannu har ƙarni huɗu bayan haka. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya yana cikin haruffan kansu. Baƙaƙen Latin kowane yana tsaye shi kaɗai, kamar tubali. Baƙaƙen Larabci suna sarƙe da juna, kuma yawancinsu suna sauya siffa a farkon kalma, da tsakiya, da ƙarshe, da in suna su kaɗai. Ga wasula a sama da ƙasa, waɗanda ajamin Hausa ba ya karantuwa sosai in babu su. Akwatin mai jerawa sai ya cika da gidaje ɗaruruwa, kuma inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe yakan bar ɗan tsagi a layin da ya kamata ya gudana. Alƙur'anin da aka buga a Banis wajen 1537 ya fito da kurakurai, bai samu karɓuwa ba. Maɗaba'ar Ibrahim Mutafarrika a Istanbul ta fara fitar da littattafai a 1729, ta Bulaƙ a Alƙahira kuma a farkon shekarun 1820.

Ko da littattafan Masar suka fara shigowa, idon almajirin ƙasar Hausa ya saba da wani rubutu dabam, irin na Magrib, inda «fa» take da ɗigo a ƙasa, «ƙaf» kuma ɗigo ɗaya a sama, da ƙira'ar Warshu. Mafitar da ta yi aiki ta bar dalma gefe. Marubuci ya rubuta da hannunsa yadda aka saba, a ɗauki hoton shafin, inji ya buga dubbai. Ƙananan littattafan addini da waƙoƙin ajami da ake gani a shimfiɗe a kasuwanninmu, mafi yawa daga Kano, ta wannan hanya suke fitowa. Marubucin bai rasa aikinsa ba, sai dai yanzu sau ɗaya yake rubutawa.

Hausa cikin haruffan boko

Hausa ta fara shiga akwatin dalma ne a London. A 1843 wani ɗan mishan Bajamushe, Yakubu Shon, ya buga littafin kalmomin Hausa. Daga baya ya yi aiki da Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram da matafiyi Hainrik Bart ya tafi da shi Turai a 1855, kuma labarin rayuwar Dorugu yana cikin Magana Hausa da aka buga a 1885. Waɗannan littattafai don Turawa aka yi su, kaɗan ne suka dawo gida. Baibul cikakke cikin Hausar boko ya fito a 1932, lokacin da ƴan mishan suka riga suka zauna a Tsibiri.

A nan ma haruffa sun ba da wahala. Akwatin da aka zuba don Faransanci yana da «k» da «w» ƙalilan, domin harshen ba ya yawan buƙatarsu, Hausa kuwa ba ta layi biyu babu su. Mafi muni, babu ɓ, ɗ da ƙ sam. Ba tare da su ba, «ƙasa» da «kasa» abu ɗaya ne a takarda, haka «ƙafa» da «kafa». An gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada waƙafi a gefensa, kafin a tsaya kan baƙaƙe masu lanƙwasa a shekarun 1930, zamanin da Rufat Is ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya. Kowane sabon harafi sai an sassaƙa masa sanda da gurbi, a kowane girma, babba da ƙarami.

Hukumar nan ce ta shirya gasar rubutu ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Imam ne editanta na Hausa, ƴan watanni kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Labarin da a da sai fatake sun kawo shi, kowa da yadda ya ji, yanzu yana zuwa da kalmomi iri ɗaya a Katsina da Sakkwato, a farashin kwabo. Masu iya karatun boko kaɗan ne, amma kwafi ɗaya yakan wadatar da majalisa guda: mutum ɗaya ya karanta, saura su saurara. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya da maɗaba'arsa.

A wannan gefen iyaka abin ya bi wata hanya. Lakwal ta mulkin Faransa da Faransanci kawai take koyarwa, saboda haka babu wata hukuma irin ta Zariya da za ta sa a zuba haruffan Hausa. Sai bayan ƴancin kai, da aikin yaƙi da jahilci da taron daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma da aka yi a Bamako a 1966, Hausar boko ta samu gurbi a takardun hukuma. Har yau akwai ɗan bambanci tsakanin ƙasashen biyu: Nijar tana rubuta «ƴaƴa» da harafi mai lanƙwasa, Najeriya kuwa tana sa waƙafi gaban «y». Wanda ya ɗauki littafin Hausa a kasuwar Gazawa ko ta Gidan Rumji yana iya gane gefen iyakar da aka buga shi daga wannan harafi kaɗai.