Kuɗin da Ba a Rubuta a Takardar Lasisi

Farkon shigata sana'ar saka wa 'yan kasuwa manhaja, a shekarun 2000, aikinmu bai wuce ɗaukar faifai a jaka ba. Mutum ya taso daga Kano, ya bi ta Haɗeja ya sauka Nguru, ya saka wa ɗan kasuwa Peachtree ko Tally a kwamfuta ɗaya, ya kwana biyu yana nuna wa akawu inda zai danna, a sallame shi. Waɗannan manhajojin lissafi ne. Mai dukiya yana biya sau ɗaya, kamar ya sayi sikeli. Daga nan muka gaji tunanin da yake wahalar da mu har yau, cewa kuɗin manhaja shi ne abin da aka biya ranar saye.

ERP wani abu ne daban. Manhaja ce guda da take haɗa saye da sayarwa da sito da albashi da banki a rumbu ɗaya, yadda idan buhun riɗi ya fita daga sito a Jajimaji, take zai bayyana a littafin akanta a Nguru. Kamfanin bincike na Gartner ne ya raɗa mata wannan suna a 1990, kuma shi ne tun 1987 ya yayata hanyar lissafin da ke tara duk abin da na'ura za ta ci daga saye har ranar da za a yi watsi da ita. Wato an san matsalar kafin ma a sa wa yaron suna.

Manyan kamfanoni irin SAP da Oracle sun daɗe suna karɓar kusan kashi 22 cikin ɗari na kuɗin lasisi duk shekara da sunan kulawa. A shekara biyar ka sake sayen manhajar, har da 'yan kai. Wannan ma mai sauƙi ne, tunda a rubuce yake cikin yarjejeniya. Abin da ke cinye kuɗi shi ne tanƙwara manhajar ta dace da yadda kake aiki. Kantin Lidl na Jamus ya shekara bakwai yana wannan fama da SAP, ya haƙura a 2018 bayan kashe abin da aka ƙiyasta ya kai Yuro miliyan 500. Cikin abin da ya kawo cikas har da cewa su suna ƙimanta kayan sitonsu da farashin saye, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa.

Duk lokacin da na tuna labarin nan sai na tuna wani kamfanin hatsi da na yi wa aiki, mai sito a Nguru da Gashuwa. A ƙauye yaransa suna aunawa da kwano, a sito ana ƙirga buhu, mai saye daga Kano kuwa kilo ya sani. Manhaja tana son a gaya mata kilo nawa ne a buhu, lamba ɗaya tak. To buhun da aka sayo da kaka yana da danshi, bayan wata uku ya rage nauyi, ga ƙasa da tsakuwar da ake fitarwa wajen tankaɗe. Ga la'adar dillali, ga kuɗin da ake bai wa manomi tun da damina a cire da kaka. Kowanne cikin waɗannan sai da ƙwararre ya zauna ya rubuta masa tsari, kuma da kwana ake biyansa. Da na kai wa mai kamfanin lissafin kwanakin, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ba ka ce mini kyauta ce ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, dokin kyauta ne, harawar ce da kuɗi."

Gaskiyarsa. A lokacin an fara yayin manhajojin da ba a biyan lasisinsu, irin OpenERP, wadda ta koma Odoo a 2014, da ERPNext. Muna saka su a babbar kwamfutar da muke kira saba, a wani ɗaki cikin ofis. Wanda ya san zafin Nguru a watan Afrilu ya san me ake nufi: dole na'urar sanyaya ɗaki, dole janareta, dole inbata da batura, baturan kuma zafi yana kashe su da wuri. Idan saba ta mutu a Nguru, reshen Gashuwa ya tsaya cak, mai gyara kuwa yana Kano.

Daga baya muka koma haya: manhajar tana can a intanet, kana biya duk wata bisa adadin masu shiga. Mun huta da ɗakin saba, amma kuɗin bai ɓace ba, riga ya sauya. Ya koma data, ya koma layi na biyu saboda ranar da sabis ya ɗauke, sannan ya koma dala.

Mu ƙaddara kamfani mai ma'aikata 12 da ke shiga manhaja, kowanne dala 25 a wata. Dala 3,600 ke nan a shekara. A farkon 2023, da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, abin bai kai miliyan 1.7 ba. Aka saki naira a watan Yuni na shekarar, zuwa farkon 2024 dala ta kai wajen 1,500, haya ɗaya ta zama miliyan 5.4 ba tare da an ƙara maka komai ba.

Mu koma shekarar farko da tsohon farashi. A ce ƙwararre ya yi kwana 40 a kan naira 80,000, miliyan 3.2 ke nan. Zuwa takwas daga Kano, mota da masauki a 100,000 kowanne, 800,000. Saura wanda ba ya da rasit. Ma'aikata biyar, akanta da masu sito da mai biyan albashi, za su ba da rabin lokacinsu na wata shida wajen ƙirga kaya, da tace sunayen masu bashi da aka rubuta sau uku da rubutu iri uku, da gwaji, da koyo. Albashin wata 15 ke nan, a kan 120,000 ya kama miliyan 1.8. Jimlar waɗannan miliyan 5.8, ba a sa sola da data ba. Lasisin bai kai rubu'in abin da aka kashe ba.

Kuma waɗannan biyar ɗin su ne mafi iya aiki a gidan. Idan aka sa ranar fara amfani da manhaja ta faɗo da kaka, lokacin da motoci ke layi a bakin sito, an yi asara biyu. Ni dai ban ƙara yarda a fara ba sai kasuwa ta lafa.

Horo kuwa ba a gama shi. Yaron da ka koyar ya goge, shi ne zai fara samun aiki a Damaturu ko Kano, ko a jami'ar tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013. Wanda ya gaje shi zai koya daga baki, rabi daidai rabi kuskure. Shi ya sa nake sa kuɗin horo a kasafin kowace shekara, nake kuma dagewa mutum biyu su san kowane aiki.

Idan na je duba kamfani yanzu, ba na fara da allon kwamfuta. Sito nake shiga, in ce wa mai kula da shi ya nuna mini inda yake rubuta kayan da suka fita yau. Idan ya jawo tsohon daftari daga aljihun tebur, yana cewa sai da yamma yake kwafewa a na'ura, na san kamfanin yana biyan kuɗin tsari biyu, kuma daftarin ne mai gidan yake yarda da shi.