Hanyar nauyin ma'auni ɗaya

suna (mace). A injiniyancin gine-gine, hanya ce ta lissafa gocewar mahaɗa a firam mai mahaɗan fil, wanda sandunansa ke ɗaukar ja ko danna kawai. Da farko a nemo ƙarfin kowace sanda, F, a ƙarƙashin nauyin gaske. Sai a cire nauyin, a ɗora 1 kN a mahaɗar, ta fuskar da ake so, a sake nemo ƙarfin kowace sanda, f. Gocewar ita ce Δ = Σ F f L / AE, inda L tsawon sanda ne, A yankin tsagarta, E kuwa taurin ƙarfen.

Misali: sanduna 2, kowace L = 2 m, AE = 200,000 kN, F = 10 kN, f = 1; gocewar 0.2 mm ce. Idan amsa ta fito da alamar ragi, mahaɗar ta goce akasin fuskar da aka zaɓa.