Karanta Sakamakon Gwajin Jini Daga Hoton Waya

Akan ɗauki hoton takardar gwajin jini a aika wa ma'aikacin lafiya. Kafin karantawa, a tabbatar sunan majiyyaci da ranar gwaji sun fito sosai a hoton.

Kowane layi yana ɗauke da sunan gwaji, sakamako, ma'auni, da iyakokin da ake ɗauka a matsayin daidai. A kwafe su huɗun a takarda, sannan a kwatanta sakamakon da iyakokin.

Misali, idan an rubuta Hb 9.5 g/dL ga mace, kuma iyakokin 12 zuwa 15 ne, to jininta ya yi ƙasa. Wasu takardun kan sa L ga sakamakon da ya gaza, H ga wanda ya zarce.

A kula da ɗigo, domin hoto mai duhu kan mai da 9.5 ya zama 95. A duba ma'auni kuma: sukari 90 mg/dL daidai yake da 5 mmol/L.

Iyakoki sukan bambanta tsakanin ɗakunan gwaji, don haka a bi na jikin takardar. Likita ne zai bayyana dalilin ƙarancin ko yawan.