Idan yaro ya yi ɓarna ko ya ji rauni a lakwal: wa ke biya?

A garuruwan Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, rigima kan taso tsakanin iyaye da malamai idan ɗalibi ya fasa kayan mutane ko ya ji ciwo a lokacin karatu. Dokar Nijar tana warware wannan da tambaya guda: a hannun wa yaron yake a sa'ar da abin ya auku?

Ka'idar tana cikin kundin dokokin hulɗar jama'a, wato Kod Sibil, wanda Nijar ta gada daga Faransa lokacin samun ƴancin kai a 1960. Aya ta 1382 da ta 1383 sun ce duk wanda ya jawo wa wani asara, da gangan ko ta hanyar sakaci, shi zai biya. Aya ta 1384 kuma ta ɗora wa mutum alhakin ɓarnar waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsa. A kan haka uba, ko uwa idan uban ya rasu, ke ɗaukar ɓarnar yaron da bai kai shekarun girma ba, muddin yana zaune tare da su. Iyaye ba sa kuɓuta sai sun nuna cewa babu yadda za su iya hana abin. Ayar ta kuma ambaci malamai, amma alhakinsu ya tsaya ga lokacin da ɗalibi ke ƙarƙashin idonsu: cikin aji, lokacin hutun tsakar rana a harabar makaranta, wasan motsa jiki, ko fitar da makarantar ta shirya.

A ce a wata firamare ta Dogon Dutsi, lokacin hutun ƙarfe goma, yaro ɗan shekara 11 ya yi jifa, dutsen ya fasa wa ɗan ajinsu goshi, asibiti da magani suka ci jikka 25. Abin da za a fara bincika shi ne ko akwai malamin da ke tsaron harabar. Idan yara sun daɗe suna jifar juna malamai na zaune a ofis, ko an riga an kai ƙarar wannan wasa ba a hana ba, to sakacin kulawa ya bayyana, alhaki ya karkata ga makaranta. Idan kuwa malami na tsaye a wurin, jifar ta zo farat ɗaya, da wuya a kama shi da laifi, sai mai ƙara ya koma kan iyayen wanda ya yi jifar. In kuma bayan tashi ne abin ya faru, a kan hanyar gida, yaron ya fita daga hannun malami, maganar ta iyaye ce.

Irin makarantar ma tana da tasiri. Malamin makarantar gwamnati ma'aikacin hukuma ne, don haka neman diyya a kan sakacin aikinsa yakan fuskanci gwamnati, ba aljihunsa ba, ko da yake ana iya ladabtar da shi ta fuskar aiki. A makarantar kuɗi, mai makarantar ne ke amsa laifin da ma'aikatansa suka yi a bakin aiki. Duka da ya raunata ɗalibi kuwa ya wuce sakaci: laifi ne da wanda ya aikata ke amsawa da kansa a gaban alƙali.

Mutane da yawa na haɗa hukunci da diyya. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ba ta hukunta yaron da bai kai shekara 13 ba, amma wannan bai shafe haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna ba. Ba za a ɗaure yaron ba, sai dai kuɗin asibiti ko na gyara suna nan a wuyan wanda doka ta ɗora wa kulawarsa.

Galibin irin waɗannan rigingimu ba sa kai wa kotu. Akan fara da daraktan makaranta, da kwamitin Kojes da ƙungiyar iyayen yara, sannan mai unguwa, mai gari ko fadar sarki, domin doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a irin waɗannan al'amura. Inda ake yawan yin asara shi ne sulhun baka: an yi alƙawarin biya bayan girbin hatsi, lokaci ya yi, kowa ya faɗi nasa. Maganin haka shi ne a rubuta takardar sulhu mai ɗauke da adadin kuɗi, ranar biya da sa hannun shaidu.

Idan sulhu ya gagara, akwai kotu a Dogon Dutsi da babbar kotu a Dosso, kuma can hujja ce ke magana. Abin da alƙali zai nema shi ne takardar likita da aka yi tun ranar da abin ya faru, rasiɗan magani ko na gyara, rahoton darakta mai nuna rana da sa'a, da sunayen waɗanda suka gani. Idan raunin mai tsanani ne, a sanar da jandarma ko ƴan sanda tun kafin shaidu su watse.