Baƙin sarari a gefen bidiyo: daga ina yake fitowa, kuma yaya ake zaɓe tsakanin Crop, Fit da Fill

A biki ko suna a Gafati, ƙaramar hukumar da ke gundumar Mirya cikin jihar Damagaram, yawancin masu ɗaukar bidiyo suna riƙe wayar salula a tsaye. A waya hoton yana cika fuska. Amma in aka kai shi birnin Zinder don a haɗa, aka kunna a talabijin, sai a ga mutane sun takure a tsakiya, da baƙin sarari hagu da dama. Ba talabijin ce ta lalace ba, ba kuma wayar ba. Siffar hoton ce ba ta yi daidai da siffar allon ba, kuma kowane irin gyara sai ya ci wani abu: ko sararin allo, ko wani ɓangare na hoton.

Siffar hoto da siffar allo

Ana auna siffar da lambobi biyu, faɗi da tsawo. Talabijin na zamani 16:9 ce, wato faɗi kashi 16, tsawo kashi 9. Cikakkiyar fuskarta ɗigo 1920 ne a faɗi, 1080 a tsawo. Waya a tsaye tana ba da kishiyar haka, 9:16, wato 1080 a faɗi, 1920 a tsawo. Tsofaffin talabijin masu ƙugu da kaset na da kuwa 4:3 ne. Duk lokacin da aka zuba wata siffa cikin wata daban, dole manhaja ta zaɓi abin da za ta yi.

Abin da sunayen suke nufi

Fit, wanda a na'ura mai Faransanci ake gani a matsayin Ajuster, yana rage hoton har ya shiga gaba ɗayansa. Ba a rasa kome daga hoton, amma wurin da ya rage sai ya zama baƙi.

Fill, ko Remplir, yana ƙara girman hoton har ya rufe allon duka. Baƙin ya tafi, amma abin da ya zarce bakin allo ya yanke, kuma manhajar tsakiya take riƙewa ba tare da ta san wane ne a wurin ba.

Crop, ko Rogner, yanka ne da hannu. Mai aiki ne yake zaɓen inda za a yanke da yawan abin da za a bari.

Akwai na huɗu da ya kamata a guje masa: Stretch, ko Étirer, mai ja hoton har ya cika. A wasu talabijin maɓallin da ke cewa zai cika fuska wannan jan yake yi. Gane shi ba wuya: a dubi abu mai zagaye, kamar faifai ko tayar babur. In ya koma kamar ƙwai, an ja hoton.

Misali da lissafinsa

A ɗauka an ɗauki amarya da ƙawayenta a tsaye, 1080 a 1920, ana son a nuna a talabijin mai 1920 a 1080.

Da Fit, tsawon hoton zai sauko zuwa 1080, faɗinsa ya koma kimanin 608. Baƙi zai ci ɗigo 656 a kowane gefe. Ke nan hoton bai kai sulusin allon ba sosai, amma ana ganin kowa daga ɗankwali har takalmi.

Da Fill, faɗin zai miƙe zuwa 1920, tsawon ya kai kimanin 3413, alhali 1080 kaɗai allon ke nunawa. Kusan kashi 68 cikin ɗari na hoton ya tafi. Sau da yawa abin da ke saura shi ne ƙirji da hannuwa, ba kai ba ƙafa. Ga shi an buɗa ɗan abin da ya rage kusan ninki biyu, don haka hoton zai yi dishi-dishi.

Hanya ta tsakiya ita ce Crop. A yanko murabba'i mai 1080 a 1080 daga inda fuskoki suke, a bar rufin rumfa da ƙasa. Wannan yankin yana shiga tsawon talabijin daidai, ba tare da an buɗa shi ba, saboda haka kaifinsa bai ragu ba. Baƙin ya sauko zuwa 420 a kowane gefe, kuma an riƙe kashi 56 cikin ɗari na hoton. Masu haɗa bidiyo da CapCut da makamantanta sukan rufe sauran gefen da kwafin hoton da aka dusashe. Wannan bai ƙara kome ga abin kallo ba, yana dai sauƙaƙa wa ido.

Wanne za a zaɓa

Tambayar ita ce: mene ne a bakin hoton? In akwai rubutu, sunan ango da amarya, fassara a ƙasa, ko dangin da suka jeru har gefe, Fit ne zaɓi. In bakin hoton sararin sama ne ko rairayi, Fill ba zai cutar ba, musamman in siffofin biyu suna kusa. Tsohon kaset mai 4:3 a talabijin na zamani yana barin baƙi 240 a kowane gefe da Fit. Da Fill kuwa rubu'in hoton ne ke tafiya, rabi daga sama rabi daga ƙasa, kuma nan ne rawani da rubutu suke. In abin da ake so yana gefe ɗaya, ko yana motsi, sai Crop da hannu, fage bayan fage.

In baƙin ya riga ya shiga cikin fayil

Wani lokaci baƙin ba daga allo yake ba. An fitar da bidiyon da shi, ya zama ɓangaren hoton. Alamar ita ce: a kunna bidiyon da aka ɗauka a tsaye a waya tana tsaye, sai a ga ɗan ƙaramin hoto da baƙi ta gefe huɗu. Haka ke faruwa in an zuba hoton tsaye cikin aikin 16:9, aka fitar, sannan aka tura ta WhatsApp. A nan sai an fara yanke baƙin kafin a zaɓi Fit ko Fill. A VLC na ordinatar, maɓallin C yana canza yanka, A yana canza siffa, amma a kallo kawai. Fayil ɗin bai sauya ba. Mai son gyara na dindindin zai iya amfani da FFmpeg:

```
ffmpeg -i biki.mp4 -vf "crop=608:1080:656:0" gyara.mp4
```

Lambobin suna nufin faɗi 608, tsawo 1080, a fara daga ɗigo 656 ta hagu. Sai dai wannan ba ya dawo da kaifin da aka rasa: hoton da ya kasance 1080 a faɗi yanzu 608 ne. In asalin yana nan a wayar wanda ya ɗauka, gara a koma gare shi.

Kafin a danna ɗauka

A yanke shawara tun farko inda za a kalla. Abin da za shi talabijin, kamar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram inda dawaki ke jeruwa a faɗi, a kwantar da waya. Abin da za shi Status ko TikTok, a tsayar da ita. In za shi duka biyun, a ɗauka a kwance, a riƙe mutumin a tsakiya, a bar masa sarari hagu da dama, domin sulusin tsakiya kaɗai zai tsira in aka yanko na tsaye.