Wasiƙar tuni bayan ganawar neman aiki

Wasiƙar tuni gajeren saƙo ne da mai neman aiki yake aikawa ta imel zuwa ga ma'aikatar da ta gana da shi, idan amsa ta jinkirta. Shirun sati biyu ba ya nufin an ƙi mutum. Sau da yawa masu zaɓe ba su gama ganin sauran ƴan takara ba, ko kuma takarda tana jiran sa hannun shugaba a Yamai. Wani lokaci an riga an yi wa wani tayin aikin, ana jiran amsarsa kafin a sallami sauran.

Kafin ku rubuta, ku tuna abin da aka faɗa muku ranar ganawa. In an ce amsa sai ƙarshen wata, ku jira ƙarshen watan ya wuce. In ba a yanka rana ba, sati biyu sun isa. Ku duba kuma akwatin Spam, domin amsa takan faɗa can ba a sani ba.

Hanya mafi kyau ita ce ku buɗe saƙon da aka gayyace ku da shi, ku danna Répondre. Ta haka wasiƙarku za ta je wurin mutumin da ya san zancen, tare da tsohon saƙon a ƙasanta.

Ga misalin wata mata da ta nemi aikin kula da ɗakin ajiyar kaya a wata ƙungiya a Maraɗi. An gana da ita ran Talata 4 ga Maris, ta rubuta ran Talata 18 da safe:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina godiya da ganawar da kuka yi da ni ran 4 ga Maris game da aikin kula da ɗakin ajiya. Har yanzu ina son wannan aiki. Ina roƙon ku sanar da ni inda maganar ta tsaya, da lokacin da za a yanke shawara. In akwai wata takarda da ta rage, zan kawo ta."

A ƙasa ta sa cikakken sunanta da lambar wayarta. Ranar ganawa da sunan aikin su ne muhimmai, saboda ma'aikata ɗaya takan nemi mutane a gurabe da dama lokaci guda. Ba ta yi ƙorafin jinkiri ba, ba ta ambaci matsalar gida ko albashi ba. Irin wannan zance yana rage wa wasiƙa daraja.

In da faransanci aka gayyace ku, da shi za ku amsa. Wanda bai ƙware ba sai ya nemi mai taimako, amma ya sa a karanta masa abin da aka rubuta kafin a aika.

In sati guda ya sake wucewa shiru, kuna iya buga waya sau ɗaya a lokacin aiki. Bayan haka ku bar maganar, ku ci gaba da nema a wasu wurare.